An sallame shi a kotu, to kuɗinka sun tafi kenan?

Jama'a wannan maganar da ake ta yaɗawa wai duk wanda kotu ta sallama a shari'ar cin amana to alƙali ya ci kuɗi ne, ko kuma shikenan haƙƙin mai kuɗi ya bi ruwa, ba haka abin yake ba fa.

A ce ka ba wani naira miliyan 2 ya sayo maka masara a Dawanau, ba masara ba kuɗi. 'Yan sanda suka kai shi kotu. A nan shari'ar laifi ce, kuma sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shi mara laifi ne har sai an tabbatar. Nauyin kawo hujja na wuyan mai gabatar da ƙara, shi wanda ake tuhuma ko ya kame bakinsa ba a tilasta shi ba da shaida. Sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ce sai hujjar ta kai inda babu sauran kokwanto mai ma'ana. Idan ya ce 'yan fashi ne suka tare shi a hanya, ga rahoton da ya kai ofishin 'yan sanda a ranar, aka kasa rushe wannan bayanin, dole alƙali ya sake shi ko da zuciyarsa na raya masa ƙarya yake. Ni dai ina ganin daidai ne, tunda gidan yari ake magana.

Amma in ka shigar da ƙarar neman kuɗinka, ma'aunin daban ne. Kai mai ƙara kai za ka fara kawo hujja, alat ɗin banki, saƙonnin da kuka yi, wanda aka yi cinikin a gabansa, sai nauyin ya koma kansa ya yi bayani. Sashe na 134 na Dokar Shaida ya ce a ɗora hujjojin biyu a sikeli, wanda nasa ya rinjaya ko da kaɗan ne shi ke da nasara. Kotunan Musulunci kuma nasu tsarin daban, hujja kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne sashe na 135(1) na Dokar Shaida. Ko a ƙarar neman haƙƙi ce, muddin ka gina ta kan zargin laifi, misali ka ce rasit ɗin da ya kawo na jabu ne ko sa hannunka ya kwaikwaya, to wannan zargin sai ka tabbatar da shi da babban ma'aunin nan na shari'ar laifi. Wallahi wannan yana yi wa talaka nauyi, don sau da yawa sai an nemo ƙwararren mai duba sa hannu kuma ba kyauta yake zuwa ba. Shi ya sa lauya zai ce maka ka nemi kuɗinka a matsayin saɓa yarjejeniya, kada ka cika takardar ƙara da kalmar ɓarawo alhali alat kawai gare ka.