Cire zaɓaɓɓun shafuka daga fayil ɗin PDF

Cire shafuka daga PDF hanya ce ta ware wani ɓangare na babban fayil a mayar da shi sabon fayil ƙarami, ba tare da an taɓa na asali ba. Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a 1993, kuma a tsarin kowane shafi yana zaman kansa tare da bayanin hotuna da nau'in haruffan da yake buƙata, abin da ya sa ake iya ware shi. Galibi ana yin haka ne saboda iyakar nauyin da imel yake ɗauka. A Gmail iyakar megabayit 25 ce, sannan fayil yakan ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa idan aka shirya shi domin tafiya ta imel, don haka wanda ya kusa iyaka yana iya dawowa daga akwatin mai karɓa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe fayil ɗin a burauzar Chrome, a danna Ctrl+P, a zaɓi Save as PDF a gurbin firinta, sannan a ƙarƙashin Pages a zaɓi Custom a rubuta lambobin shafukan. Misali, idan rahoto mai shafi 200 da aka yi wa sikanin ya kai megabayit 60, kowane shafi yana ɗaukar kimanin kilobayit 300. Wanda ya rubuta 22-28, 50 zai sami shafuka takwas masu nauyin kusan megabayit biyu da rabi.

A nan ne aka fi yin kuskure, domin manhaja tana ƙirga shafuka ne tun daga bango, ba ta bin lambar da aka buga a ƙasan takarda. Idan bango da sadaukarwa da ƙumshiya sun cinye shafi goma, to shafin da aka buga wa lamba 12 shi ne na 22 a lissafin manhaja. Shi ya sa ya wajaba a buɗe sabon fayil a duba farkonsa da ƙarshensa kafin a aika.

Hanyar burauza tana sake gina shafukan ne, don haka guraben cikewa na fom sukan daina aiki. Manhajar qpdf, wadda kyauta ce, tana kwafo shafukan yadda suke idan aka rubuta wannan umarni a tagar rubuta umarni ta kwamfuta, inda babba.pdf shi ne fayil na asali, karami.pdf kuma sabon:

```
qpdf --empty --pages babba.pdf 22-28,50 -- karami.pdf
```

Ba kullum nauyi yake raguwa daidai da yawan shafukan da aka bari ba. A fayil na rubutu zalla, shafuka da yawa suna tarayya a nau'in haruffa ɗaya, wanda yakan biyo ko da shafi guda aka cira. Haka kuma sa hannun lantarki da aka yi wa fayil na asali ba ya inganta a kan sabon, saboda a kan fayil ɗin gaba ɗaya aka ɗaura shi.