Zafin tsibi ne ke tsarkake taki, ba daɗewarsa a juji ba

Manoma da yawa suna ɗauka cewa da zarar kashin dabbobi ya shekara a juji, ya tsira daga cuta. Daɗewa da bushewa suna rage ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma ba sa gamawa da su, musamman a inda akwai inuwa da danshin fitsari. A kashin tumaki da awaki akwai ƙwan tsutsar ciki mai shan jini, wadda a ɗumi da laimar damina ke ƙyanƙyashewa ta isa kama wata dabba cikin kamar mako guda. Ka kai takin gona, ka yanko ciyawar gonar ka zuba wa akuya, ka mayar da tsutsar turke da hannunka. Kashin kaji na ɗauke da cutar da ke sa tsaki kashin jini, shi da na shanu kuma suna iya ɗaukar ƙwayoyin da ke sa mutum gudawa idan suka hau latas, kabeji ko karas ɗin da ake ci ɗanye.

Abin da ke kashe waɗannan shi ne zafin da tsibin taki ke haifarwa da kansa yayin ruɓewa. Ma'aunin da masana suka tsayar shi ne digiri 55 na Salshiyas. A tsibin da ake juyawa, ana son zafin ya tsaya a nan ko sama har kwana 15, a kuma juya shi sau biyar cikin wannan lokaci. Juji na bayan gida, inda ake zuba kashi kaɗan-kaɗan kullum, ba ya kaiwa nan, domin bai taɓa samun girma da ruwa da iska a lokaci ɗaya ba.

Mu ɗauki gida mai shanun huɗa biyu, awaki goma da 'yan kaji, da ke son taki ya nuna kafin saukar damina. Watan Janairu ko Fabrairu ya dace a haɗa, lokacin kara da ƙaiƙayi suna nan. A nemi wuri mai inuwa, nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma a gangaren da ruwa ba zai kwararo daga tsibin zuwa rijiyar ko rafi ba. A kewaye shi da ƙaya ko zana, don kada kaji su tona, awaki su hau.

A tara kayan tukuna, a gina tsibin a rana ɗaya. Faɗinsa mita ɗaya da rabi, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, tsawonsa kuwa gwargwadon kayan da ake da su. Wanda bai kai mita ɗaya ta kowane ɓangare ba, sanyin hunturu zai ƙwace masa zafi. A fara shimfiɗa kara a ƙasa don iska ta shiga. Sai sararren kara ko buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa, kaurin taƙi ɗaya, a ɗora kashi rabin haka, a yayyafa ruwa, a maimaita har a kai sama. Wato kwando ɗaya na kashin shanu ko awaki, kwando biyu na busasshen abu. Kashin kaji zalla ya fi ƙarfi, yana son kwando uku. Idan kuwa an kwaso shi haɗe da garin katakon ɗakin kaji, ya riga ya zo da nasa rabon, sai a rage. Kandilo da busasshen kashin awaki a farfasa su a jiƙa tun daren da za a wayi gari a gina tsibin, in ba haka ba ruwa zai bi ta gefensu ya wuce, cikinsu na nan ƙam.

Ruwa ne inda aka fi faɗuwa. A damƙi takin a matse sosai. Idan ya dunƙule, tafin hannu ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, daidai ke nan. Idan ya wargaje, da saura. Idan ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, a ƙara kara. Bayan haka a lulluɓe da ciyawa ko tsofaffin buhuna. Kada a tattake shi, kada kuma a naɗe shi ruf da leda, halittun da ke dafa takin numfashi suke yi.

Cikin kwana biyu zuwa uku ya kamata ya ɗauki zafi. Mai ma'aunin zafi mai dogon ƙarfe ya fi kowa sanin inda yake. Wanda ba shi da shi ya soka rodi har tsakiya, ya bar shi minti goma, ya zaro. Idan ya kasa riƙe bakin rodin fiye da ɗan lokaci, aiki na tafiya. Idan ɗumi ne kawai kamar na jiki, bai isa kashe komai ba.

Ga dalilin juyawa, kuma nan ne lafiyar takin take. Tsakiya ce ke zafi. Gefe da sama da ƙasa suna nan da sanyinsu, ƙwan tsutsa da irin ciyawa na zaune lafiya a wurin. Don haka duk bayan kwana uku a yaye na waje a zuba shi ya zama tsakiyar sabon tsibi, na ciki ya koma waje, ana yayyafa ruwa inda ya bushe. Mai juyawa ta sama-sama da shebur ya sha wahalar banza.

Tsibi na faɗar ciwonsa da kansa. Wari mai hawa ido kamar na fitsari na nufin kashi ya rinjayi kara, kuma abincin shuka ne ke tashi a iska, a ƙara busasshen abu. Ɗoyin ruɓaɓɓen ƙwai da yauƙi alamar ruwa ya toshe iska ce, a baje shi ya sha iska a sake ginawa. Fari-fari kamar toka a tsakiya yana nuna ya bushe ko zafi ya zarce, domin sama da digiri 70 halittun da ke dafa takin su ma mutuwa suke yi. Toka kuwa, da ake son zubawa da yawa, tana korar sinadarin da ke sa ganye kore. Gara a kai ta gona daban.

Bayan mako biyun nan na zafi, a bar shi ya huce mako shida zuwa takwas, ana kula da danshinsa. Zai ragu kusan rabi, ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasa, ba a gane kashi daga kara. Kada a ƙara ɗanyen kashi a kansa, kada a kwashe shi da baron da aka kwashe turke ba a wanke ba. Sabon kashi ya fara nasa tsibin.

Akwai abin da zafin tsibi ba ya iyawa. Ƙwayar ciwon saifa tana jure shi, tana kuma yin shekaru da yawa a ƙasa. Idan dabba ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko dubura, kada a feɗe ta, kada a kwashe kashin wurin zuwa tsibi ko gona, a kira malamin dabbobi. Haka ma kashin kajin da suka yi ta mutuwa, tunda murar tsuntsaye na bin buhunan kashi daga gona zuwa gona. Mushe, mahaifar dabbar da ta yi ɓari, bayan gidan mutum da kashin kare ba sa shiga wannan tsibi.

Mai aikin ya sa takalmin roba da safar hannu, ya ɗaure hanci in yana kwasar busasshen kashin kaji, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Mai rauni a ƙafa ya dakata har ya warke. Masu lambun fadama da dole ta sa su amfani da ɗanyen taki, su cuɗa shi da ƙasa kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas, ko kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kamar masara. Latas ba ya kai wannan kwanakin a gona, don haka shi sai takin da ya nuna.