Zaɓen launin zare a aikin riga da hula

Zaɓen launin zare shi ne daidaita zaren aiki da yadin da za a ɗinka a kai, domin zane irin su aska biyu, aska takwas da tambari su fito sarai. A zangunan Kumasi da Accra, kamar Aboabo da Nima, maɗinka sun fi duba tazarar haske da duhu tsakanin zare da yadi, kafin su duba launin kansa.

Asali

Ana kyautata zaton babbar riga mai aiki ta iso Kumasi ta hannun fataken goro masu bi ta Salaga. Tsofaffin riguna ba su cika tara launuka ba. A kan saƙi, wato shuɗin yadi mai ɗigon fari irin na jikin zabo, akan yi aiki da farin zaren auduga ko na tsamiya mai ruwan ƙasa-ƙasa. Alharini, jan siliki da a da ake kawowa daga Tarabulus ta Sahara, ya fi fitowa a shafin cikin riga, inda ake ganinsa in an naɗe hannu a kafaɗa. Farin aiki a kan farar riga ma tsohon salo ne; nan tudun ɗinkin da sheƙin zaren ne ke fito da zanen.

Gwaji

A ɗauki misalin shadda shuɗiya mai duhu da za a yi wa aska biyu. Maɗinki zai ɗora zare uku a kan yadin, ruwan madara, ruwan bula da makuba, ya fita da su hasken rana, domin fitilar shago tana ruɗin ido. Sai ya ja da baya kamar taku biyar ya kanne ido. Makuba za ta nutse, don duhunta ɗaya da na yadin duk da launinsu ya bambanta. Ruwan bula zai fito a hankali, ruwan madara kuwa tun daga nesa. Zare a kan ƙwarƙwaro ya fi nuna duhu saboda ya taru, shi ya sa ake warware sili kaɗan a shimfiɗa.

Bayan haka sai gwajin zuba: a jiƙa guntun zaren, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ya bar tabo, zai ɓata farar shadda a wankin farko, musamman da damina, lokacin da kaya ke daɗewa ba su bushe ba. Ja da baƙi sun fi yin haka.

Hula

Aiki kan rufe yadin hula kusan gaba ɗaya, don haka zare da zare ake gwadawa. In launuka biyu masu kusan haske ɗaya suka haɗu, akan raba su da siririn layin baƙi ko fari.

Maɗinka sun saɓa kan zaren zinare: wasu na so, wasu na ganin sheƙinsa yana cinye zanen.