"An tabbatar": wa ya tabbatar?

Da zarar wani abu ya taso, ko gobara ko hatsarin kwale-kwale, sai ka ji masu kawo rahoto kai tsaye a rediyo da Fesbuk suna ta "an tabbatar da mutuwar mutum goma". Asalin kalmar Larabci ne, daga thabata, wato abu ya tsaya daram. Abin haushin yana wurin "an" ɗin, domin tana ɓoye wanda ya yi maganar, kuma galibi idan ka bi diddigi ba kowa a bayanta sai saƙon WhatsApp.

Mutanen Sakkwato ba sa buƙatar a koya musu wannan. Daren duban wata, labari yakan cika gari cewa an gan shi a ƙauye kaza, amma ana jira sai an tantance shaidu, fadar Sarkin Musulmi ta sanar. Kafin sanarwa, "an ce an gani" ne kawai.

A ce kai ne editan labarai, wuta ta tashi a babbar kasuwa. Da ƙarfe 9:10 wakilinka yana wurin, yana ganin hayaƙi da motocin kashe gobara biyu. Wannan ka rubuta shi kai tsaye, da lokacinsa, domin ido ya gani. Da 9:25 mutum uku suka bugo waya, kowa na cewa goma sun rasu. Mai gaggawa zai ce ai majiya uku ke nan. Tambayi kowannensu: "Malam, kai ka ga gawarwakin, ko faɗa maka aka yi?" Sau da yawa duka ukun ɗan acaɓa ɗaya suka jiyo, ka ga majiya ɗaya ce, ita ma ba ganau ba. Abin da ya dace ka saka shi ne: "9:30. Ana raɗe-raɗin asarar rayuka, ba mu samu tabbaci ba." Adadin kuwa ka riƙe shi, don lamba in ta fita ba ta komawa.

Ko hukuma ma tabbacinta yana da iyaka. Jami'in kashe gobara zai iya tabbatar da cewa an shawo kan wuta, amma adadin waɗanda aka kwantar sai asibiti. Nan ma a kula, majinyacin da aka ɗauke daga Asibitin Ƙwararru zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo yakan shiga lissafi sau biyu. Musabbabin wutar kuma ba a saninsa tana ci, duk mai cewa "wutar lantarki ce" a sa'ar farko hasashe yake yi.

In ka riga ka saki goma, da 11:00 asibiti ya ce mutum huɗu ne suka ji rauni, ba wanda ya rasu, kar ka goge na farko a ɓoye, an riga an ɗauki hotonsa ana yaɗawa. Ka sa sabon bayani a sama mai cewa "Gyara", da lokaci, da wanda ya ba ka adadin, sannan ka koma kan na farkon ka rubuta cewa an gyara shi da 11:00.