Ɗan kwangila ya sauya abin da kuka yi yarjejeniya: ina doka ta tsaya?

Kwanan nan ana ta yaɗa wata magana, wai da zarar ɗan kwangila ya saɓa abin da aka rubuta, mai gida na da ikon riƙe duk ragowar kuɗi, ya kore shi daga fili, ya kuma sa 'yan sanda su ɗaure shi. Na san wanda ya bi wannan shawara, yau shi ake ƙara.

Batun 'yan sanda ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sandan Najeriya ta 2020 ya hana kama mutum saboda kawai ya saɓa yarjejeniya. In ba damfara aka yi ba, magana ce ta kotun farar hula, ko babban kamfani ka ba aikin ko maginin unguwa.

Inda ake ruɗewa shi ne riƙe kuɗi. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce, idan an kammala mafi yawan aiki amma da aibi, ɗan kwangila zai karɓi kuɗinsa, a cire abin da gyaran zai ci. A ce kun rubuta kwano mai kaurin milimita 0.55, ya buga maka 0.45, kuma yana bin ka naira miliyan huɗu. In sauya rufin miliyan biyu ne, sauran biyun hakkinsa ne. Ka riƙe duka, kai ma ka saɓa.

Kuma ba kullum kotu ke ba da kuɗin rushewa a sake ba. Akwai sananniyar shari'ar Ruxley da Forsyth a Ingila a 1995: an gina tafkin wanka bai kai zurfin da aka yi alkawari ba, kotu ta ƙi ba da kuɗin sake ginawa saboda tafkin yana amfani lafiya, ta ba mai shi fam 2,500 kacal. A ganina wannan ƙa'ida tana ɗan sassauta wa mai ha'inci, domin wanda ya biya kuɗinsa ya cancanci abin da ya zaɓa. Amma tana da iyaka. Rodi mai milimita 12 a ginshiƙin da zane ya ce 16 batun rai ne, gyaransa dole, ko da za a fasa kankare.

Shi ya sa takardar ƙorafi ta fi ihu a fili amfani. Ka rubuta ranar yarjejeniya, ka kawo ainihin layin da aka saɓa a zane ko a jerin kayan aiki, sannan abin da ka tarar. "Aikinka bai yi kyau ba" ba hujja ba ce. "An rubuta bulo mai inci 9 a bangon waje, an sa mai inci 6 a bangon gabas" ita ce hujja.

Hoto ma yana da ladabinsa. Ɗauki ɗaya daga nesa da zai nuna wane ɓangaren gini ne, ɗaya daga kusa da tef ɗin awo a jikin bulon ko rodin. Ka hanzarta, domin ranar da aka zuba kankare ko aka yi filasta shaidarka ta shige ciki. Kada ka goge hotunan asali daga wayar, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayani kan na'urar da ta samar da su kafin kotu ta karɓa. In za ka iya, kawo injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya duba ya sa hannu a rahoto.

Wa'adin gyara kuwa, in yarjejeniya ta faɗi kwanaki, ka bi su. In ba ta faɗa ba, abin da ake nema shi ne lokacin da hankali zai ɗauka. Kwana biyu don sauya rufin gida tarko ne, alƙali zai gane. Kwana 14 ko 21 ya fi kama hankali. Ka rubuta ranar ƙarshe ƙarara, ka faɗi abin da zai biyo baya: za ka kawo wani ya gyara ka cire kuɗin daga ragowar. Sashe na 130 na dokar kare masu saye ta 2018 ma zaɓi biyu ya ba ka, a gyara aibin ko a mayar maka da wani kaso na kuɗin.

Ka ba ɗan kwangilar takardar ƙorafin hannu da hannu ya sa hannu a kwafinka, ka kuma tura ta WhatsApp. Sannan ka bar masa ƙofa a buɗe har wa'adin ya cika, domin in ka hana shi shiga fili, abin da lauyansa zai fara faɗa wa alƙali ke nan.