Zafin aji da ƙa'idar ASHRAE 55: da wane ma'auni ake yi wa makaranta hukunci?

Duk wanda ya taɓa koyarwa a ajin kwano mara silin ya san abin da ke faruwa bayan ƙarfe goma sha biyu: yara su fara fifita da littafi, na baya su kifa kai a benci. Tambayar da injiniya ko mai duba gini ke fuskanta ita ce, yaushe za a ce zafin ya wuce ƙa'ida, kuma da wace hujja? Ƙa'idojin da aka fi dogara da su guda uku ne: ASHRAE 55 ta ƙungiyar injiniyoyin Amurka, ISO 7730 ta ƙasa da ƙasa, da EN 16798-1 ta Turai. Babu ɗayansu da ke doka a kan kanta. Tana zama tilas ne idan dokar gini ta wata ƙasa ko takardar kwangila ta ambace ta. A cikinsu kuwa hanyoyin lissafi biyu ne, kuma a ajin da iskarsa ta taga ce, sukan ba da hukunci daban-daban.

Hanya ta farko ita ce PMV, lissafin hasashen yadda mutane za su ji zafi ko sanyi a ɗaki, wadda masanin ƙasar Denmak Ole Fanger ya fitar a 1970. Ya zaunar da manya a ɗakin gwaji da ake sarrafa zafinsa, ya tambaye su yadda suke ji, sannan ya haɗa amsoshin da lissafin zafin da jiki ke samarwa da wanda yake fitarwa. Abubuwa shida ake ba lissafin: zafin iska, hucin da bango da rufi ke fitarwa, gudun iska, laima, yawan motsin jiki da ake aunawa da met, da kaurin tufafi da ake aunawa da clo. Amsar lamba ce tsakanin -3, wato sanyi ƙwarai, da +3, wato zafi ƙwarai. ASHRAE 55 tana son lambar ta tsaya tsakanin -0.5 da +0.5, inda ake hasashen mutum goma cikin ɗari ne za su koka. Idan ta kai +1, masu kuka sun kai kimanin 26 cikin ɗari, a +2 kuwa wajen 77.

A ofis mai na'urar sanyaya ɗaki wannan lissafi yana aiki da kyau. Matsalarsa a ajin taga ita ce yana ɗaukar mutum kamar wanda aka ɗaure a kujera, ba ya buɗe taga, ba ya sauya riga, jikinsa kuma bai saba da yanayin garinsu ba. ISO 7730 ma da kanta ta gindaya iyaka: zafin iska kada ya wuce digiri 30, kuma lambar ta kasance tsakanin -2 da +2. Ajinmu na bazara yakan tsallake wannan iyaka tun kafin azahar.

Hanya ta biyu ita ce ta sabo da yanayi. A 1998 Richard de Dear da Gail Brager suka nazarci amsoshi kimanin 21,000 daga gine-gine 160 a nahiyoyi huɗu, suka ga cewa a ginin da mutane ke buɗe taga da hannunsu, zafin da suke jin daɗinsa yana hawa da sauka tare da zafin waje. ASHRAE 55 ta karɓi wannan a 2004. Lissafin gajere ne:

```
Tcomf = 0.31 × Tout + 17.8
```

Tcomf shi ne zafin ɗakin da ake jin daɗinsa, Tout kuma shi ne matsakaicin zafin waje na kwanakin da suka gabata, daga kwana bakwai zuwa talatin a jere. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, domin ba zafin tsakar rana ake nufi ba, matsakaicin dare da rana ne. Da an samu Tcomf, sai a ƙara digiri 3.5 a sama, a rage 3.5 a ƙasa. Tsakanin nan ake sa ran mutum 80 cikin ɗari za su gamsu. Mai son 90 cikin ɗari sai ya yi amfani da 2.5.

Bari mu ɗauki misali, lambobin na koyarwa ne. Aji ne na bulo da rufin kwano, babu silin, tagogi a ɓangare ɗaya. Matsakaicin zafin waje na makon da ya wuce digiri 30. Tcomf ya zama 27.1, iyakar sama 30.6, ta ƙasa 23.6. Abin da ake gwadawa da wannan iyaka kuwa ba zafin iska kaɗai ba ne, haɗin zafin iska da hucin bango da rufi ne. Idan iska ba ta kai gudun mita 0.2 a daƙiƙa ba, sai a haɗa biyun a raba biyu. Ana samun hucin ne da ma'aunin zafi da aka cusa cikin baƙar ƙwallo mai faɗin milimita 150, a bar ta ta daidaita kafin a karanta. Ga mai zaune, ana aunawa a tsayin mita 0.6 daga ƙasa, a tsakiyar aji da kuma wuraren da aka san sun fi muni, kamar bencin da ke jikin bangon da rana ke duka.

Da ƙarfe goma na safe, iska 29.5, huci 29.5, laima 40 cikin ɗari, yara na zaune suna rubutu, a ce met 1.2, da kayan makaranta marasa nauyi, clo 0.5. PMV zai haura +1, wato ajin ya faɗi, fiye da ɗaya bisa huɗu na mutane za su koka. Hanyar sabo kuwa ta ce 29.5 bai kai 30.6 ba, ajin ya wuce. Aji ɗaya, sa'a ɗaya, hukunci biyu. A ganina hanyar sabo ce ta fi kusa da gaskiya a nan, domin binciken da aka gina ta a kai ya nuna PMV yana zuzuta zafi a gine-ginen taga na ƙasashe masu zafi. Fanger da kansa, tare da Jørn Toftum, sun kawo gyara a 2002: a ninka PMV da wata lamba tsakanin 0.5 da 1 gwargwadon yadda mutanen wurin suka saba da na'urar sanyaya ɗaki.

Da ƙarfe ɗaya labari ya sauya. Iska 31, amma kwano ya ɗauki rana, huci ya kai 34. Haɗin ya zama 32.5, ya haura iyaka da digiri 1.9. PMV ya haura +2, inda lissafin ya daina zama abin dogaro. Yanzu hanyoyin biyu sun yarda ajin ya faɗi. Lura da cewa wanda ya rataya ma'aunin zafi na yau da kullum a bango zai ga 31 ne kawai, ya ce abin kaɗan ne. Tazarar digiri uku tsakanin iska da huci ita ce ke nuna rufi ne mai laifi.

Ƙa'idar ta ba da rangwame idan akwai iska mai motsi kuma zafin ya wuce digiri 25. Gudun mita 0.6 a daƙiƙa yana ɗaga iyakar sama da 1.2, mita 0.9 da 1.8, mita 1.2 da 2.2. Idan fanka ta ba da 0.9 a kan benci, iyakarmu ta koma 32.4. Kuma a irin wannan gudu ana ba zafin iska kashi 70, huci kashi 30, sai haɗin ya sauko zuwa 31.9. Ajin ya wuce, amma da rabin digiri kacal, kuma da an ɗauke wuta ya sake faɗuwa. Idan silin aka saka har huci ya sauko 31.5, haɗin ya zama 31.25 ba tare da fanka ba. Saura kaɗan, kuma tagogi masu fuskantar juna da za su ba da 0.6 sun isa su kai iyakar 31.8. Wannan gyara ba ya jiran wutar lantarki, shi ya sa ni shi zan fara sa wa kuɗi.

Sai dai hanyar sabo tana da sharuɗɗa, kuma makaranta ce wurin da suka fi saurin karyewa. Dole ne babu na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama da ke aiki. Dole mutane su kasance a zaune ko suna ƙaramin aiki, don haka awon da aka yi da zarar yara sun shigo daga tara suna haki bai da amfani. Dole su sami ikon buɗe taga da rufe ta, alhali a aji malami ne ko wanda ke kusa da tagar ke da wannan iko, wani lokaci ma an rufe ta saboda ƙura ko hayaniyar titi. Dole kuma su iya sauya tufafi aƙalla tsakanin clo 0.5 da 1.0. Ɗalibi mai yunifom ba shi da wannan zaɓi, kuma yarinya mai doguwar riga da wando da hijabi ba ɗaya take da yaro mai gajeren hannu ba, ko da benci ɗaya suke. Mai awon da ya sa clo ɗaya ga kowa ya manta da rabin ajin.

Akwai kuma iyakar zafin waje. Lissafin ASHRAE 55 yana aiki ne idan Tout yana tsakanin 10 da 33.5. A Sakkwato ko Yamai, a watannin Afrilu da Mayu, matsakaicin yana iya haura haka, kuma ba daidai ba ne a ja layin gaba a ce ai mutane sun saba. Na EN 16798-1, wanda ke ninkawa da 0.33 ya ƙara 18.8, ya tsaya ne a 30, kuma daga ofisoshin Turai aka samo shi. Lokacin hunturu kuwa ƙasan iyakar ne abin dubawa: idan Tout ya sauko 21, tazarar ta zama 20.8 zuwa 27.8, kuma ajin safe mai karyayyun tagogi yana iya faɗuwa ta ɓangaren sanyi.

Abin da ya fi damuna shi ne duk lissafin nan a kan manya aka gina shi. ASHRAE 55 ta faɗi ƙarara cewa don manya masu lafiya aka rubuta ta. Binciken da Despoina Teli da abokan aikinta suka wallafa a 2012 kan yaran firamare a Ingila ya nuna yara sun fi son wuri mai sanyi fiye da abin da hanyoyin biyu suka hasasa. Saboda haka ajin da ya tsira da rabin digiri bai kamata a sa masa hannu a tafi ba. A makaranta gara a riƙe iyakar 90 cikin ɗari, wadda a misalinmu take 29.6, sannan a tambayi yaran da kansu a daidai lokacin da ake awo, da tambaya mai sauƙi: kana jin zafi, daidai, ko sanyi? Kana son a ƙara sanyi?

Rahoton da za a miƙa wa hukumar makaranta ya kamata ya faɗi hanyar da aka bi da dalilin zaɓenta, daga wace tashar yanayi aka samo Tout da kwanaki nawa aka haɗa, inda aka ajiye ƙwallon awo, yawan yaran da ke ciki, da ko tagogi a buɗe suke. Ya kuma ƙirga sa'o'in karatu nawa ne zafin ya haura iyaka, da digiri nawa, domin matsakaicin yini guda yana haɗa sanyin ƙarfe takwas da zafin ƙarfe ɗaya ya fito da lambar da babu yaron da ya zauna a cikinta.