Shinkafa mai dusa da masu cutar siliyak: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Shinkafa mai dusa, wadda aka dafa fara ba a haɗa ta da komai ba, akwai gulutin a cikinta?

Babu. Ko mai dusa ce, ko gogaggiya fara, ko basmati, ko ofada da ake sayarwa a nan Legas, duk shinkafa ce, kuma shinkafa ba ta ɗauke da gulutin. Gulutin wani nau'in furotin ne, kuma hatsin da ke ɗauke da shi su ne alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rayi. Na sha ba da wannan amsa, kuma har yanzu ba ta canza ba.

Tambaya: To ai launinta irin na alkama ne. Ba dusar ce ke ɗauke da shi ba?

A'a. Dusar ta shinkafa ce. Ƙaiƙayi kaɗai aka cire, aka bar siririyar fatar da ke manne da ƙwayar, ita ce ke ba ta wannan launi na ƙasa-ƙasa. Abin da ke cikin fatar shi ne harza da mai da wasu sinadarai masu amfani ga jiki. Launi ba ya mayar da shinkafa alkama.

Tambaya: Likita ya tabbatar ina da siliyak. Zan iya cin ta kullum?

Za ka iya ci, Malam, kuma ka kwantar da hankalinka. Cutar siliyak ita ce garkuwar jiki ta juya ta yaƙi bangon ƙaramin hanji duk lokacin da gulutin ya shiga ciki, har ƙananan tsirran da ke tsotse amfanin abinci su lalace. Shinkafa ba ta tayar da wannan yaƙi. Maganar cin ta kullum kuwa, zan dawo kanta a ƙasa, don akwai wani dalili daban da bai shafi gulutin ba.

Tambaya: Burodi yana kumbura mini ciki, shi ya sa na bar alkama na koma shinkafa mai dusa. Na yi daidai?

Kin yi gaggawa, 'yar'uwa, kuma wannan ɗabi'a ta yanke wa kai hukuncin ciwo tana ɓata wa likitoci aiki ƙwarai. Gwajin jinin da ake fara yi don gano siliyak, mai suna tTG-IgA, yana neman alamar yaƙin da jiki ke yi da gulutin ne, haka ma ɗan yankin hanjin da ake ɗebowa a duba daga baya. Idan kin daɗe da barin alkama, yaƙin ya lafa, hanjin ya fara warkewa, sai sakamako ya fito kamar lafiyarki ƙalau alhali mai yiwuwa kina da cutar. Ki koma wurin likita ki gaya masa tun yaushe kika bar ta, shi zai tsara miki yadda za a yi gwajin.

Tambaya: An tabbatar 'yata tana da siliyak. A Agege nake, kuma ina awon shinkafa mai dusa ne a kasuwa da gwangwanin derika. In ci gaba, ko dole sai ta leda mai tsada?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da wurin wanda kike awo da kuma yadda kicin ɗinki yake. Shinkafar kanta ba ta da laifi. Abin dubawa shi ne duk abin da ya taɓa ta tun daga buhu har zuwa farantin yarinya.

Bari mu fara da ma'auni, don ki san girman abin da ake magana a kai. Ƙa'idar da ƙasashe da dama ke bi ita ce abincin da za a kira marar gulutin kada ya wuce miligiram 20 na gulutin a cikin kilo ɗaya, kuma masana kan ba da shawarar mai siliyak ya tsaya ƙasa da kimanin miligiram 10 a yini. Ƙwayar alkama guda tana da nauyin kusan miligiram 40, kuma kimanin kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi gulutin ne, wato miligiram 3 zuwa 4. Ke nan ƙwayoyi biyar ko shida a cikin kilon shinkafa sun isa su kai ta bakin iyaka, kuma idan uku daga cikinsu suka faɗo a rabon yarinya a yini ɗaya, ta cinye adadin da aka yarje mata tun kafin a lissafa sauran abincinta.

Ta ina ƙwayoyin za su shigo? Ki tsaya gaban teburin mai awon hatsi ki lura. Buhunan a buɗe suke, bakinsu a naɗe, suna jere kafaɗa da kafaɗa: ga shinkafa, ga wake, ga gero, ga alkama. Gwangwani ɗaya ne yake tsomawa cikin wannan ya tsoma cikin wancan, kuma abin da ya zube a kan tebur da yamma ana tattarawa a mayar. Wani buhun ma asalinsa na fulawa ne, aka kakkaɓe aka zuba shinkafa. Ba mugunta ba ce, haka sana'ar take, kuma ga yawancin masu saye babu wata illa. Saboda haka idan mai awonki yana sayar da alkama ko fulawa ko semo a buɗe, ni ba zan ba ki shawarar ci gaba da awo a wurinsa don wannan yarinya ba. Idan kuwa shinkafa zalla yake sayarwa, kamar yadda ake samu a wurin dillalan kasuwar Daleko, ko kuma za ki iya sayen ƙaramin buhu a ɗinke daga kamfani, haɗarin ya ragu sosai, ko da yake ban ce ya kau gaba ɗaya ba.

A nan ne mai dusa ta fi fara wahalar sha'ani. Ƙwayar alkama a cikin farar shinkafa tana fitowa fili, amma a cikin mai dusa launinsu ya yi kusa, sai ta saje. Don haka tsintar da ake yi a gaggauce cikin kwano ba ta wadatar ba. Ki baza shinkafar kaɗan-kaɗan a kan farin faranti inda akwai haske, kina turawa da yatsa daga gefe zuwa gefe. Ƙwayar alkama ta fi gajarta da kumburi, kuma tana da tsaga guda mai zurfi da ta bi cikinta daga kai zuwa gindi, abin da ƙwayar shinkafa ba ta da shi. Idan kika ci karo da ko guda ɗaya, ki ɗauka akwai 'yan'uwanta da suka farfashe waɗanda ido ba zai iya rabewa ba, ki bar wa sauran mutanen gida wannan awon. Bayan tsinta sai wanki, ana sauya ruwa har ya fito garau. Wanki yana rage ƙurar gari da ta hau ƙwayoyin, amma ba ya fitar da ƙwayar alkama, kuma wuta ba ta kashe gulutin komai daɗewar tafasa. Wannan na ƙarshe ina so a riƙe shi, domin mutane da yawa suna ɗaukar gulutin kamar ƙwayar cuta ce da zafi zai gama da ita.

Ta leda kuma, tsadarta kaɗai ba hujja ba ce. Wadda aka rubuta wa shaidar rashin gulutin, ko aka buga mata alamar zangarniyar alkama da aka ja wa layi, ita ce mafi kwanciyar hankali. Wadda ba ta da shaidar amma kamfanin shinkafa ne ya rufe ta, kuma jerin abubuwan da ke ciki shinkafa kaɗai ya ambata, galibi tana da kyau, sai dai a tsince ta duk da haka. Wadda aka ƙulla a leda a bayan shago kuwa, awon kasuwa ce da ta sauya riga.

Sauran aikin yana cikin kicin ɗinki, kuma a ganina nan ne aka fi samun matsala. Matsamin da aka tsame taliya da shi yana riƙe ragowarta a cikin hudojinsa, ludayin da ya shiga tukunyar taliya ya dawo ta shinkafa ya kawo nasa, muciyar da ke tuƙa semo tana ɓoye gari a tsagoginta. Ki ware wa yarinyar matsami da muciya nata, ki riƙa fara ɗora tukunyarta kafin a buɗe fulawa. Ki kuma karanta jikin kwalin dunƙulen miya, don wasu ana haɗa su da garin alkama.

Kada ki dogara da cewa ta ci ba ta yi gudawa ba. Wasu masu siliyak hanjinsu yana lalacewa ba tare da sun ji komai ba. Abin da zai nuna miki ko tsarin yana aiki shi ne gwajin jinin da likita ke maimaitawa yana sauka, ƙarancin jini yana gyaruwa, nauyinta da tsayinta suna ƙaruwa yadda ya kamata. Idan watanni sun shuɗe gwajin ya ƙi sauka, to akwai wata ƙofa da gulutin ke shigowa, sai a bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Tuwon shinkafa da masa fa? Ai duk shinkafa ce.

Na gida da kika haɗa da hannunki, babu laifi. Na saye kuwa, sai kin tambaya, domin wasu masu masa suna zuba fulawa a ƙullu, wasu masu tuwo kuma suna ɗaure shi da fulawa ko semo. Ƙaramin cokali ɗaya na fulawa yana ɗauke da gulutin da ya kai miligiram 250 ko fiye, wanda ko mutum goma suka raba tukunyar, rabon kowa ya ninka iyakar yini fiye da sau biyu. Haka kuma kada a kai shinkafar mai siliyak injin niƙa na unguwa, inda wataƙila alkamar alkubus aka gama niƙawa.

Tambaya: Na ci mai dusa, cikina ya yi ta ƙugi. Ba gulutin ba ne?

Ba lallai ba. Harzarta ta fi ta farar shinkafa yawa, kuma hanjin da bai gama warkewa ba yakan ji jiki. A dafa ta ta yi laushi sosai, don takan ci minti 40 zuwa 45, a kuma fara da kaɗan. Idan tana warin tsohon mai, dusar ce ta lalace, sai a zubar.

Tambaya: An ce akwai guba a cikinta.

Shinkafa tana tsotsar sinadarin asenik mai guba daga ƙasa da ruwa fiye da yawancin hatsi, kuma ya fi taruwa a dusa, don haka mai dusa ta fi fara yawansa. Wannan ne dalilin da na ce zan dawo kan cin ta kullum, domin wanda ya bar alkama yakan koma shinkafa safe da rana da dare, musamman yara. Dafa ta cikin ruwa mai yawa, kamar kofi shida ga kofi ɗaya, sannan a tsiyaye, yana rage shi. Ban da haka a riƙa sauyawa da acca da gero da dawa da masara da doya da dankali, waɗanda duk ba su da gulutin, a kuma bi da hatsin cikinsu yadda na bayyana game da awo da tsinta da niƙa.